Ciniki yana ƙaruwa, littafi yana nuna riba, amma kuɗin sari ba ya isa: ina jarin juyawa yake shiga?

Dan_Sari_Gumel

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon sarin kayan masarufi a Gumel, ina ɗauko kaya daga kasuwar Singa ta Kano sau biyu a mako, ina sayar wa masu kantuna da masu tebur na cikin gari da ƙauyukan da ke kewaye. Na buɗe shagon shekara ɗaya da ta wuce, kuma bayan na biya haya, na kafa kantoci, na gyara sito, abin da ya rage mini na zuba kaya da juyawa shi ne naira miliyan 7. A watannin farko ina cinikin kusan naira miliyan 6 a wata, kuma ko yaushe na duba asusuna na banki nakan tarar da fiye da miliyan 2 a ajiye. Yanzu ciniki ya kai miliyan 9 a wata, littafina yana nuna ribar kusan naira 600,000 bayan an cire albashin yara da kuɗin mota da wuta, amma a makon jiya na isa Singa na kasa biyan rabin kayan da na rubuto, na dawo ba taliya ba man gyaɗa, alhali su ne abokan cinikina suka fi tambaya. Abin da ke cikin asusun a yau bai wuce naira 150,000 ba. Ina roƙon masu sani su fahimtar da ni yadda ciniki zai ƙaru da rabi amma hannun mutum ya fi na da bushewa.

Abu_Safiyya82

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a ganina ka fara sa ido a kan yaran shagonka da direban da ke kawo maka kaya. Na taɓa riƙe shago a Haɗeja, kuma sai da na yi asara mai yawa kafin na gano cewa katan biyu ko uku suna sauka a hanya kowane zuwa. Idan littafi ya ce akwai riba, aljihu kuma ya ce babu, to akwai hannun da ke shiga tsakaninsu.

Matashin_Kasuwa

Alhaji, matsalarka ita ce jarinka ya yi wa kasuwancinka kaɗan. Wanda yake cinikin miliyan 9 a wata yana buƙatar aƙalla miliyan 9 a hannu, domin ya sayi kayan wata guda. Ka nemi rancen miliyan 2 ko 3 ka ƙara, matsalar za ta kau.

Tsohon_Akanta

Kafin a zargi yara ko a nufi banki, ina ganin ya kamata a fara lissafi, domin abin da Alhaji ya bayyana yana faruwa ko da ba a saci ƙwandala ba. Alhaji, ka taimaka mana da waɗannan, a ƙiyasce ma ya isa. Nawa ka sayo kayan da kake sayarwa miliyan 9 a wata? Idan aka ƙirga duk hajar da ke shago da sito a yau bisa farashin da ka sayo ta, nawa za ta kai? Nawa kake bin mutane, kuma nawa dilolinka na Kano suke binka? Sannan a cikin shekarar nan, ka ɗebi kuɗi daga shagon ka sayi wani babban abu wanda ba na sayarwa ba ne?

Dan_Sari_Gumel

Na gode Baba Akanta. Kayan da nake sayarwa a wata nakan sayo su a kan kusan miliyan 8.1. Hajar da ke ƙasa a yanzu za ta kai miliyan 5.4. Ina bin masu kantuna miliyan 3, su kuma diloli biyu suna bina miliyan 1.35, domin sukan ɗaga mini ƙafa na 'yan kwanaki. Wata huɗu da suka wuce na sayi keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya a kan miliyan 1.8 don kai wa abokan ciniki kaya har ƙofar shagonsu, kuma shi ne ya haɓaka cinikin. Kuɗin cefanen gida da nake ɗauka ba ya wuce 350,000 a wata, kuma ribar da na bari a cikin shagon tun daga buɗewa za ta kai miliyan 2.

Tsohon_Akanta

Alhamdu lillahi, waɗannan alƙaluma sun isa, kuma abu na farko da suka nuna shi ne kuɗinka bai ɓata ba. Ka fara da miliyan 7, ka bar ribar miliyan 2 a ciki, ya zama miliyan 9, ka cire miliyan 1.8 na keke, saura miliyan 7.2. Yanzu mu nemo wannan miliyan 7.2 ɗin. Haja miliyan 5.4 da bashin da kake bi miliyan 3 sun tashi miliyan 8.4, a cire miliyan 1.35 da ake binka, saura miliyan 7.05. Idan ka ɗora 150,000 da ke banki, ka ga miliyan 7.2 cif. Saboda haka Malam Abu Safiyya, shawararka ta sa ido tana da kyau a kowane shago, amma a nan lissafi ya rufe, babu giɓin da za a jingina wa yara, muddin ƙirgen hajar da Alhaji ya ba mu daidai ne.

Wannan miliyan 7.05 shi ne jarin da shagon yake riƙewa kullum don ya ci gaba da tafiya, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a mai da shi kwanaki. Kana fitar da kayan naira 270,000 a rana bisa farashin saye, don haka hajar miliyan 5.4 tana nufin katan yakan kwana 20 a sitonka kafin ya fita. Kana cinikin 300,000 a rana, don haka bashin miliyan 3 daidai yake da cinikin kwana 10. Diloli kuma sun ɗauke maka nauyin kwana 5 ne kawai. Ke nan daga ranar da ka biya kuɗin kaya zuwa ranar da kuɗin ya dawo hannunka kwana 25 ne, kuma duk tsawon waɗannan kwanaki da kuɗinka ake tafiya.

Ga inda amsar tambayarka take. Lokacin da kake cinikin miliyan 6, idan kwanakin nan haka suke, shagon yana riƙe miliyan 4.7 ne, shi ya sa kake ganin rarar miliyan 2.3 a banki. Da ciniki ya ƙaru da rabi, haja da bashi ma suka ƙaru da rabi, suka haɗiye ƙarin miliyan 2.35. Ribar da ka bari ta kusa toshe wannan, amma keke ya zo ya ɗauke miliyan 1.8 a daidai lokacin da shi kansa keken yake jawo ƙarin ciniki mai neman ƙarin jari. Keken dukiyarka ce, amma ba ya komawa kuɗi a cikin kwana 25 kamar yadda katan ɗin taliya yake yi, shi ya sa ba a lissafa shi cikin jarin juyawa.

Umman_Khalifa

Baba Akanta, akwai abu ɗaya da nake son a ƙara dubawa a kwana 10 ɗin nan na bashi. Ba duk cinikin Alhaji ne na bashi ba, ai akwai masu biya nan take. Idan rabin masu saye lakadan suke biya, to miliyan 3 ɗin yana hannun ɗaya rabin ne, wato masu karɓar kayan 150,000 a rana, kuma hakan na nufin suna riƙe kuɗinsa kwana 20. Na faɗi haka ne saboda abin da ya faru da ni a sana'ar abinci. A shagon da nake sayar da shinkafa da miya ban taɓa rasa kuɗin cefane ba, domin kafin la'asar ciniki ya shigo, mai shinkafa kuma sai ƙarshen mako nake biyansa, da kuɗinsa nake juyawa. Da na karɓi kwangilar dafa wa ma'aikatan wani wuri abinci a biya ni ƙarshen wata, ribar ta fi ta shago, amma a mako na uku na sayar da ɗan kunnena na gwal don in sayi nama da itace, kuma biyan bai fito ba sai bayan kwana 45.

Dan_Sari_Gumel

Hajiya, maganarki gaskiya ce, kusan rabi ne suke biya hannu da hannu. Alkawarin da muke yi da sauran shi ne mako ɗaya, kuma ban taɓa zama na ƙirga na ga ya kai kwana 20 ba, domin kowa yana kawo wani abu kafin ya ɗauki sabon kaya, sai in ga kamar ana biya.

Tsohon_Akanta

Hajiya ta gyara mini, kuma gyaran yana da nauyi. Wanda ya kawo 100,000 ya ɗauki kayan 130,000 yana biya a ido, amma bashinsa hawa yake yi. Game da maganar Matashin Kasuwa, ya yi daidai da ya ce jarin ya yi wa cinikin kaɗan, sai dai ma'aunin da ya kawo na cinikin wata guda ba shi da tushe. Hajiya tana iya cinikin miliyan 9 a shagon abinci da jarin da bai kai miliyan ɗaya ba, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari kuma yana iya buƙatar ninkin cinikinsa na wata, saboda yawan launuka da zanen da dole ya ajiye. Kwanakin juyawa ne suke faɗin adadin. A shagon Alhaji, duk kwana ɗaya da aka rage daga zaman haja yana sako naira 270,000, duk kwana ɗaya da aka rage daga kwana 10 ɗin bashi da muka lissafa bisa dukkan cinikin yana sako 300,000. Idan haja ta koma kwana 15, bashi ya koma kwana 7, miliyan 2.25 zai dawo hannunsa ba tare da ya ranci komai ba, kuma mutumin da yake zuwa Kano sau biyu a mako ba shi da dalilin ajiye kayan kwana 20.

Dan_Dawanau

A nan ne ba na tare da kai, Yallaɓai. Wannan lissafi na zamanin da farashi yake zaune ne. Tun daga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira da ya biyo baya a watan Yuni, duk wanda ya riƙe kuɗi a banki ya ga yadda suka narke, wanda ya riƙe kaya kuwa ya tsira da jarinsa. Na san 'yan kasuwa da suka sayar da buhu da riba a lokacin, suka koma sari suka tarar kuɗin buhu goma ba ya sayen takwas. Mu a Dawanau mukan sayi hatsi da kaka mu ajiye wata biyar ko shida, kuma a wannan ajiyar ribarmu take. Idan ka ce wa Alhaji ya rage haja, farashi ya tashi, ka rage masa jari ne da hannunka.

Tsohon_Akanta

Alhaji na Dawanau, ban musanta ba, kuma tashin farashi yana ƙara wa maganarmu ƙarfi ta wata fuska. Idan kaya suka tashi da kashi 20 cikin 100, shagon nan zai buƙaci miliyan 8.46 don ya riƙe katan-katan ɗin da yake riƙewa yau, ƙarin miliyan 1.41 ke nan, kusan duk abin da Alhaji yake bari na riba a wata shida. Don haka wani ɓangare na abin da littafi yake kira riba a irin wannan lokaci kuɗin maye gurbin kaya ne, kuma wanda ya kashe shi ya ci uwar kuɗi bai sani ba. Amma sana'arku da tasa sun bambanta. Ku kuna sayen hatsi da niyyar jiran farashi, da kuɗin da kuka ware don jira. Shi ribarsa ta kashi 10 cikin 100 tana zuwa ne daga yawan juyi, kuma kayansa suna da ranar lalacewa a jikin katan. Bayan haka, mai ajiya ma yana faɗuwa idan farashi ya karye, kuma 'yan hatsi sun fi kowa sanin wannan. Ni ban ce ya rage taliya da mai da sukari ba. Ina zargin cewa cikin miliyan 5.4 ɗin nan akwai kayan da suka yi kwantai, suna zaune suna riƙe kuɗin da ya kamata ya sayi abin da ake nema.

Bamaradi_227

Ina tare da ɗan Dawanau a abu ɗaya, wato kwanakin nan ba a hannun ɗan kasuwa kaɗai suke ba. Lokacin da aka rufe iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a watan Agustan 2023, kayan da muke samu a Maraɗi cikin kwana uku suka koma sai an yi makonni, wasu kuma an biya kuɗinsu suna zaune a Jibiya. Wanda ya saba da ƙaramar haja shagonsa ya zama wayam, wanda kuɗinsa duk ke kan hanya kuma ya rasa na biyan haya. Tun daga lokacin nake ware kuɗin tafiyar da shago na wata biyu, na albashi da haya da mota, ba na taɓa su ko da sari ya yi araha. A lissafin Alhaji, kashe-kashen shago 300,000 ne a wata, abin da ke hannunsa kuma na rabin wata ne, wannan ya fi ba ni tsoro a kan rashin taliya.

Malam_Na_Zaure

Zan ƙara abu ɗaya da malamanmu suka daɗe da tsarawa. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai saye da sayarwa kullum, wanda ake kira mudiri, yana zaɓar lokaci a shekara ya ƙiyasta kuɗin hajarsa, ya haɗa da tsabar kuɗin da ke hannunsa da bashin ciniki da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da ɗaya cikin 40 idan sun kai nisabi. Kantoci da sikeli da abin hawan aiki ba sa shiga. Kun ga abin da ake ƙirgawa ya yi kusa ƙwarai da abin da Baba Akanta ya ƙirga. Kuma sharaɗin nan na sa ran biya yana tilasta wa mutum ya raba bashin da zai fito da wanda ya mutu. Alhaji, a cikin miliyan 3 ɗinka, duka kake sa ran samu?

Matashin_Kasuwa

Na karɓi gyara a kan ma'aunin wata guda. Amma har yanzu ban ga laifin neman kuɗi daga waje ba, tunda akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, waɗanda suke saya wa mutum kaya ta hanyar murabaha su ɗora riba sananniya ya biya daga baya. Ko kuma ya yi wa masu biya nan take rangwamen naira ɗaya a cikin 100, kuɗinsa su riƙa dawowa da wuri.

Tsohon_Akanta

Babu laifi, amma a yi shi bayan an toshe inda kuɗi suke maƙalewa, domin idan aka zuba miliyan 2 a shagon da masu bashi suke riƙe kuɗi kwana 20, wani kaso mai yawa zai koma hannunsu ne, ga kuma ranar biya da ba ta motsi. Da keken ne aka saya da irin wannan kuɗi ana biya kaɗan-kaɗan cikin shekara ɗaya ko biyu, da ya fi dacewa, domin abu mai daɗewa da kuɗi mai daɗewa ake sayensa. Rangwamen kuma yana da tsada fiye da yadda ake zato. Masu biya lakadan tun asali su ma za su nemi nasu, don haka naira ɗaya a cikin 100 na miliyan 9 ya zama 90,000 a wata daga ribar 600,000, kuma ba ka da tabbacin manyan masu bashin za su canja hali saboda shi.

Dan_Sari_Gumel

Na rufe shago da wuri jiya, ni da yara biyu muka ƙirga sito katan bayan katan har ƙarfe 11 na dare. Jimillar ta yi kusa da abin da na faɗa. Amma na tarar da kayan kusan 900,000 da ba su motsa ba fiye da wata biyu: wani sabulun wanka da na saya da yawa saboda rangwame, da biskit da wani lemon kwali waɗanda saura wata biyu su lalace, har ƙura ta rufe katan ɗin da ke can ƙasa. Na kuma jera masu bashi da sunayensu, na ga mutum huɗu ne suke riƙe da miliyan 1.7, ɗaya daga cikinsu shi kaɗai 800,000. Malam, amsar tambayarka ita ce akwai kusan 250,000 da ba na sa ran samu, domin mutum biyu sun rufe kantunansu. Na yanke shawarar karyar da kwantan nan ko da a kan farashin saye ne. Inda na tsaya shi ne mai 800,000 ɗin, domin shi ne babban abokin cinikina, yana ɗaukar kayan kusan miliyan ɗaya a wata, kuma idan na matsa masa akwai wani ɗan sari a layinmu da zai karɓe shi gobe.

Umman_Khalifa

Alhaji, kada ka yanke masa kaya gaba ɗaya, ka yanka masa iyaka. Ku zauna ka ce bashi ba zai wuce 500,000 ba, sabon kaya kuma sai an kawo kuɗin da ya fi shi, har a sauko kan iyakar. Ribar da kake samu a kansa 100,000 ce a wata kafin a cire kashe-kashe, idan ya tafi da 800,000 cinikinsa na wata takwas ya tafi a banza.

Dan_Dawanau

Ni kuma da ni ne ba zan taɓa shi yanzu ba. Mutumin da yake ɗaukar kayan miliyan ɗaya kowane wata ba a samunsa a hanya, kuma a kasuwa wanda ya ji an ƙirga masa iyaka yakan ɗauke shi a matsayin rashin yarda. Ka fara da sauran ukun da kwantan, ka je wa dilolinka na Singa da littafin cinikinka ka nemi su mai da kwana 5 ɗin nan kwana 10, tunda sarinka ya ƙaru da rabi, wannan kaɗai miliyan 1.35 ne. Amma ka faɗa mana, shi mai 800,000 ɗin, bashinsa a tsaye yake wata da watanni, ko kuwa wata uku da suka wuce bai kai haka ba?